Kuɗin kaya, kuɗin aike da hanyar biya: me ya kamata ya fito a fos ɗin talla?

Tambaya: Ni ina saka hoton kaya ne na rubuta "DM for price", kullum saƙonni sun cika min waya amma ciniki shiru. Wai dole ne sai na rubuta farashi?

Ai yawancin waɗannan saƙonnin ba na masu saye ba ne, mutane ne da kika tilasta musu tambayar abin da ya kamata su gani da idonsu. Mutum ya rubuta "nawa", ki amsa bayan awa biyu, ya ce to kuɗin kawowa fa, ki ce ina kake, ya faɗa, ki ce bari na tambayi mai kai kaya, kafin ki dawo wallahi ya riga ya saya a wajen wadda ta rubuta komai a fili. Wani ma ba zai tambaya ba sam, don gani yake idan an ɓoye farashi to ko dai kayan sun fi ƙarfinsa ko kuma sai an leƙa hotonsa an ga irin shigarsa sannan a yanka masa kuɗi.

Abin da nake auna fos da shi guda ɗaya ne: kwastoma zai iya lissafa jimillar abin da zai fita daga aljihunsa har kayan su zo hannunsa ba tare da ya yi miki magana ba? Idan ba zai iya ba, fos ɗin bai gama aikinsa ba. Kuma farashin ya zo a layin farko ko na biyu, saboda Instagram da Facebook suna yanke dogon rubutu su bar ɗan maɓallin nan na "more" ko "See more", mutane da yawa kuma ba sa dannawa. In da hali a rubuta shi a jikin hoton ma, tunda hoton ne ake turawa wasu, rubutun ƙasa ba ya bin sa. Ki faɗi kuma farashin na mene ne, guda ɗaya ko saiti, ƙarami ko babba, don rigima da yawa daga nan take tashi, an ga abu uku a hoto an ɗauka kuɗin na ukun ne.

Tambaya: To kuɗin aike ai ya danganta da inda mutum yake, ta yaya zan rubuta abin da ni ma ban sani ba?

Kin sani mana, ba ki zauna kin tsara shi ba ne kawai. Ba sai kin rubuta kowane gari ba, ki raba wurare kashi uku: cikin garinku, sauran garuruwan ƙasarku, sai ƙasar waje idan kina aikawa. Ki tambayi mai kai miki kaya kuɗin wuri mafi nisa a kowane kashi, shi za ki rubuta, ko ki ce daga kaza zuwa kaza. Amma kar ki rubuta "daga kaza" ki yi shiru, kowa zai ɗauka ƙaramin ne nasa.

Inda masu farawa suke ƙonewa shi ne nauyi. Manyan kamfanonin aike ba sikeli kaɗai suke kallo ba, suna auna girman kwalin ma, su ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da wata lamba, DHL Express 5000 suke amfani da ita, sai su caje ki a kan wanda ya fi yawa tsakanin wannan da ainihin nauyin. Mu ɗauka jaka kike sayarwa, nauyinta kilo 1.5, kin sa ta a kwali mai 40 da 30 da 20. Idan kika ninka 24,000 ne, a raba da 5000 ya ba da 4.8. Kenan kuɗin kusan kilo 5 za ki biya, alhali ke a kan kilo ɗaya da rabi kika yi wa kwastoma lissafi. A nan ko ki cika daga ribarki ko ki koma ki ce masa ya ƙaro kuɗi, na biyun kuwa ya fi muni don daga ranar ya daina yarda da duk lambar da kika rubuta. Shi ya sa ake naɗe kaya tukuna a auna kwalin, sannan a rubuta kuɗin aike.

Ga yadda fos ɗin jakar zai kasance, lambobin misali ne kawai, ki sa naki da irin kuɗin da kike karɓa: "Jaka babba, guda ɗaya 200. Aike cikin gari 15, kwana 1 zuwa 2. Sauran garuruwa 40, kwana 3 zuwa 5. Biya ta tiransfa ko kati kafin a tura. Biya a hannu cikin gari kawai." Wanda yake wani gari ya san 240 ne nasa, na cikin gari 215, babu wanda zai tambaye ki komai sai kala.

Tambaya: Ba gara na ce aike kyauta ne na cusa kuɗin cikin farashi ba?

Yana yi idan kuɗin aikenki kusan ɗaya ne ko'ina, ko kayan suna da tsada har aiken bai kai ya kawo ba. A misalin jakar kuwa idan kika mai da ita 240 ga kowa, na kusa da ke yana biyan 25 a banza kuma zai ga ta fi ta wasu tsada. Idan kyautar tana da sharaɗi, kamar sai an sayi biyu, ki rubuta sharaɗin a layi ɗaya da kalmar kyauta ɗin.

Tambaya: Kwastomomi suna son sai kaya sun iso su biya, ni kuma ina tsoro.

Tsoron naki da hujja. A ce ribarki a jakar nan 50 ce, kin tura wani gari a kan 40, mutumin ya ƙi ɗaukar waya ko ya ce ya fasa, dawo da ita wani 40 ɗin ne, kin yi asarar 80, wato ribar jaka ɗaya da fiye da rabin ta biyu ta tafi a kan oda ɗaya. Matsakaicin da ya fi zama lafiya shi ne ya biya kuɗin aike tukuna, na kayan kuma idan sun iso, wanda ba da gaske yake ba a nan yake zamewa. Amma wannan ƙa'idar a fos za ta fito, idan sai bayan ya yi oda kika faɗa, gani zai yi kin canza magana.

Ki rubuta sunan da zai fito a akawun ɗin da za a biya, musamman idan ya bambanta da sunan shagon, don mutum yana ganin wani suna daban yake tsayawa, kuma wannan ma yana kare shi daga masu buɗe shafin bogi da hotunanki. Idan biya da kati yana da ƙarin caji ki faɗa. Sannan ki ƙara da cewa ana tura kaya ne bayan kuɗi sun shiga, kuma shiga ɗin a cikin manhajar bankinki za ki duba, hoton rasit da saƙon alat duk ana iya haɗa na ƙarya.