Ƙa'idar 72 kiyasi ce, ba lissafin ƙarshe ba

A Kantin Kwari za ka ji ana cewa raba 72 da kashin ribar shekara cikin ɗari, ka san shekarun da jari zai ɗauka kafin ya ninka. Mutane sun ɗauka ba ta kuskure, alhali a kusa da kashi 8 cikin ɗari ta fi dacewa: ta ce shekara 9, kuma hakan ne, in ana mayar da ribar cikin jari duk shekara.

A kashi 1 tana ba da shekara 72, gaskiyar kuwa ba ta cika 70 ba. In riba ta yi sama ne take yaudara, ta rage lokacin. Jarin naira 100,000 mai ribar kashi 36, ta ce zai ninka cikin shekara 2. To lissafa: 136,000, sannan 184,960. Saura wajen wata uku.