Kuɗin da 'Yan Ci-rani Ke Turowa Gida: Wa Haraji Ke Bi?

"Ɗana direba ne a Jidda, duk wata yana turo mini Riyal 1,500. Maƙwabta sun ce tun da sabuwar doka ta fito, duk alat ɗin da ya shigo waya gwamnati na da kaso a ciki. Gaskiya ne?" (Wata uwa daga Kurna)

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba a binki ko kwabo a kan wannan. Harajin da ake magana a kai harajin samu ne, wato abin da mutum ya samu ta albashi, ko ribar kasuwanci, ko kuɗin haya. Abin da ɗa ya ba mahaifiyarsa don cefane, magani da kuɗin makarantar ƙannensa kyauta ce. Ba aiki kika yi masa ya biya ki ba, ba kuma kaya kika sayar masa ba. Dokar Haraji ta Najeriya da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ba ta mayar da kyauta abin biya wa haraji ba.

Na fahimci abin da ke tsorata mutane. Ana ganin banki ya ciri Naira 50 idan an tura Naira 10,000 ko fiye, ana ganin kamfanin aika kuɗi ya ciri ladansa, ga kuma bambanci tsakanin canjin banki da na 'yan canji a Wapa. Sai a haɗa su duka a kira su haraji. Naira 50 ɗin nan ce kawai ta gwamnati a cikinsu, kuma kuɗin hatimi ne a kan turawar, ba ruwansa da yawan abin da mutum ke samu.

Akwai wuri ɗaya da nake so ki lura da shi. Da zarar kin ɗauki wani ɓangare na kuɗin kin yi jari da shi, abin da jarin ya haifa samu ne. A ce kin tara kin sa hannu a sana'ar atamfa, kina saro kaya a Kantin Kwari kina sayarwa, a ƙarshen shekara bayan an fitar da kuɗin kaya, sufuri da haya ribarki ta tsaya Naira 1,500,000. Naira 800,000 ta farko doka ta yafe. Ragowar Naira 700,000 ce za a ɗora wa kashi 15 cikin 100, wato Naira 105,000. Jarin da ɗanki ya turo ba a taɓa shi, ribar da kika nema a Kano ake dubawa.

"To shi wanda ya turo fa? Shekarata uku ina aiki a Saudiyya, ina da igama, amma matata da 'ya'yana suna gidana a Rijiyar Zaki. Najeriya za ta ce in biya a kan albashina?" (Wani ma'aikaci daga Riyad)

Malam, a nan ne maganar take da nauyi, kuma a nan ne mutane da dama ke ruɗewa, domin suna kallon tafiyar kuɗin, ita kuwa doka mai kuɗin take kallo da kuma inda aka nemo su.

Ƙasashe suna kafa haƙƙinsu na karɓar haraji a kan ƙafa biyu. Ta farko mazauni: idan kai mazaunin ƙasa ne, tana da haƙƙi a kan duk abin da ka samu, ko a ina ka same shi a duniya. Ta biyu tushen samu: idan a cikin ƙasa aka yi aikin, ko a cikinta gidan hayar yake, tana da haƙƙi a kan wannan samun ko da mai shi bai taɓa taka ƙasar ba. Dattawan Kano da suka ga zamanin haraji da jangali, kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a 1979, ba za su ji wannan baƙo ba. Haraji yana bin magidanci a garin da aka rubuta sunansa, jangali kuwa yana bin shanu inda suke kiwo. Ka ga mutum ɗaya zai iya samun masu binsa biyu, kowanne da hujjarsa.

Ta fuskar tushe, maganarka a fili take. Gumin a Saudiyya ka zubar da shi, mai biyanka ma can yake, don haka albashin tushensa Saudiyya. Ita kuma ba ta karɓar harajin samu a kan albashin ma'aikata, haka ma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Abin da ya rage shi ne mazauni, kuma ba fasfo ke yanke shi ba. Kasancewarka ɗan Najeriya kaɗai bai sa ka zama mai biyan haraji a nan ba. Abin da aka fi sani shi ne ƙidayar kwanaki: wanda ya yi kwana 183 ko fiye a Najeriya cikin wata 12 mazauni ne. Mutane da yawa sun tsaya a nan, suna cewa tunda wata ɗaya kawai suke zuwa hutun sallah, shi ke nan sun fita. Sai dai dokar 2025 ba ta tsaya ga kwanaki ba. Ta kawo wasu alamomin, ciki har da mutum ya kasance yana da gida na dindindin da aka tanadar masa don zama a Najeriya, ko kuma yana da alaƙa mai ƙarfi ta tattalin arziki da ta iyali na kusa a nan. Ɗaya daga cikin alamomin ya isa.

Ka dubi kanka da wannan ma'auni. Gida naka ne, ɗakinka na nan yana jiranka, iyalinka na ciki. Hukuma za ta iya kafa hujja da waɗannan ta ce kai mazauni ne, albashinka na Riyad ya shiga lissafi. Abokin aikinka da ya tafi da iyalinsa, ba shi da gida a nan, sai dai ya sauka gidan yayansa idan ya zo, matsayinsa ya sha bamban da naka ko da albashinku ɗaya ne, kuma ko da ya fi ka turo kuɗi gida. Wannan ne ke ba mutane mamaki. Yawan abin da ake turowa ba ya cikin ma'aunin kwata-kwata. Wanda doka ta kira mazauni, albashinsa na cikin lissafi ko da ya bar shi a bankin Riyad, wanda kuma ba mazauni ba, ko duka ya turo ba a binsa a kansa.

A ganina wannan faɗaɗawar ta fi taɓa talakan ɗan ci-rani, domin shi ne ba ya iya tafiya da iyali. Saboda haka ina ba ka shawara kada ka bar maganar ga hirar majalisa. Ka haɗa kwantiraginka, igamarka, takardun albashi da hatiman shiga da fita na fasfo, ka kai wa masanin haraji ko Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Kano, domin harajin ɗaiɗaikun mutane hukumar jihar da mutum ke zaune ce ke karɓarsa. Ka nemi a ba ka amsa a rubuce.

Wani abu kuma da bai dogara da mazauninka ba: idan ka gina shaguna a Kano da kuɗin da kake turowa kana karɓar haya, tushen wannan hayar Najeriya ne, ana binta haraji ko kana Riyad ko kana Rijiyar Zaki.

"Ni nas ce a Ingila, ana cire mini haraji tun kafin albashi ya shigo hannuna. Sau biyu ke nan zan biya?" (Wata 'yar Gwale)

A'a, Malama, samu ɗaya ba a so a biya masa cikakken haraji sau biyu. Akwai yarjejeniyar kauce wa ninka haraji tsakanin Najeriya da Birtaniya. Idan kowace ƙasa ta ce ke tata ce, ana bin matakai ɗaya bayan ɗaya: ina gidanki na dindindin yake, in a duka biyun ne ina rayuwarki da harkokinki suka fi karkata, sannan ina kika fi zama, sai a ƙarshe a dubi ƙasar da kike ɗauke da fasfonta. Ko da an ce Najeriya ce mazauninki, abin da kika biya a can ana cire shi daga abin da ake binki a nan a kan wannan albashin. Idan na can ya kai ko ya fi, babu ragowa, amma Najeriya ba za ta mayar miki da rarar ba. Abin da ke ɓata wa mutane lamari shi ne rashin shaida, don haka ki adana takardar ƙarshen shekara da ke nuna abin da aka cire miki. Ki kuma lura shekarar harajin Birtaniya daga 6 ga Afrilu take farawa, ta Najeriya kuwa daga Janairu, sai an daidaita watanni.

Na ambaci wannan ragin ne musamman don ma'aikatan Saudiyya su gane bambancinsu da ke. Su ba a cire musu komai ba a can, saboda haka babu abin da za a rage musu idan aka ce mazauna ne.

"Na ji an ce Amurka ta sa haraji a kan kuɗin da ake turowa."

Haka ne, kashi 1 cikin 100 daga 1 ga Janairu, 2026, amma a kan wanda ya kai tsabar kuɗi ko makamancinsu wurin masu aikawa. Wanda ya tura daga asusun bankinsa na Amurka ko da katin bankin can ba ya biya. A can ake karɓa, daga hannun mai turowa, ba daga mai karɓa a Kano ba.

"Ni a Kano nake, a Titin Gidan Zu nake aiki da kwamfutata, wani kamfani na waje ke biyana da Dala. Ai ni ma kuɗin waje ne, ko?" (Wani matashi)

Ɗan'uwa, naka ya fi na kowa fitowa fili, kuma kana cikin masu biya. A Kano kake kwana kake tashi, mazauni ke nan. A Kano kake zaune kana yin aikin, tushe ke nan. Ƙafafun biyu duk a kanka suka sauka. Dalar ta shigo ta hanya ɗaya da kuɗin Hajiyar Kurna, a waya ma alat ɗinku iri ɗaya ne, amma nata kyauta ce daga ɗa, naka ladan aiki ne.

Bari mu lissafa. A ce bayan an juya zuwa Naira, kuma an fitar da ragin da doka ta yarda da shi, samunka na shekara ya tsaya Naira miliyan 12. Naira 800,000 ta farko babu komai. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin 100, Naira 330,000. Miliyan 9 da ta rage kashi 18 cikin 100, Naira 1,620,000. Jimla Naira 1,950,000, wajen kashi 16 cikin 100 na samunka. Cikin ragin akwai na haya: kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar gidan da kake biya, amma ba zai wuce Naira 500,000 ba, kuma sai da rasit.

Ma'aikacin gwamnati ana cire masa tun daga albashi, kai kuwa kamfanin waje ba zai cire maka ba. Kai za ka yi rajista, ka karɓi lambar biyan haraji, ka gabatar da bayanin samunka na shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris. Kuskuren da na fi gani wurin matasa irinka shi ne haɗa komai a asusu ɗaya: ladan aiki, kuɗin da yaya ya turo daga Dubai a kai wa Baba, da kuɗin adashi. Ranar da aka nemi bayani, kai za ka nuna wanne ne samu wanne ne amana. Ka buɗe asusu daban don aiki, kuma duk wanda zai turo saƙon gida ta hannunka ka ce ya rubuta dalilin turawar a wurin da aka tanada, kamar "kuɗin asibitin Baba", ka kuma ajiye rasit ɗin asibitin.