Waiwaye: Yadda masu kutse suka riƙa gajiyar da mutane har su danna amincewa, da yadda lambobi biyu suka sauya lamarin

A watan Satumba na 2022 wani mai kutse ya shiga cikin tsarin kamfanin Uber ba tare da ya fasa wani makulli na fasaha ba. Bisa bayanin da kamfanin ya fitar, kalmar sirrin wani ɗan kwangila ce ta faɗa hannunsa, mai yiwuwa sayenta ya yi a kasuwar bayan fage ta intanet. Kalmar sirri kaɗai ba ta isa ba, domin Uber na amfani da tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai mai asusun ya ƙara tabbatar da shigar ta wata hanya. Sai ya dinga gwada shiga, kowane gwaji kuma yana tura tambaya zuwa wayar ɗan kwangilar: ka amince ko ba ka amince ba? Da farko mutumin bai amince ba. Wanda ya yi iƙirarin kutsen ya ce ya fi awa guda yana turawa, sannan ya tuntuɓe shi ta WhatsApp a matsayin ma'aikacin sashen kwamfuta, ya ce masa in yana so saƙonnin su tsaya, to ya amince da ɗaya. Shi kuwa ya danna.

Kafin a ga laifin ɗan kwangilar, yana da kyau a duba yadda aka zo nan. Mataki na biyu da aka fara sabawa da shi shi ne lambar da ake turowa ta saƙon tes. Ta taimaka, amma ɓarayi sun gano yadda ake sa kamfanin waya ya mayar da layin mutum kan wani sim na daban, sai lambar ta riƙa zuwa musu. A 2017 hukumar tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta sa wannan hanya cikin waɗanda za a yi amfani da su da taka-tsantsan. Kamfanoni da yawa sai suka koma ga manhajoji irin su Duo, Okta Verify da Microsoft Authenticator, waɗanda ke nuno tambaya a allon waya da maɓallai biyu, Approve na amincewa da Deny na ƙi. Babu kwafar lamba, babu jiran tes. Dannawa ɗaya, an wuce.

Sauƙin nan shi ne inda ramin yake. Ma'aikacin da ke amsa irin wannan tambaya sau da yawa a rana, ga imel, ga hanyar shiga tsarin ofis daga gida, ga manhajar taro, yatsansa yakan riga tunaninsa. Tambayar kuma ba ta da wata alaƙa da allon da ake shiga ta kansa. Wanda ke riƙe da wayar zai iya buɗe ƙofa ga wanda ke wata nahiya ba tare da ya ga komai ba. Ko kuskure ma ya wadatar: mutum yana rubuta saƙo, tambayar ta faɗo daidai inda yatsansa zai sauka.

A Disamban 2021 kamfanin tsaro na Mandiant ya bayyana cewa wasu masu kutse da ake dangantawa da Rasha suna tura buƙatun amincewa a jere har sai mai asusun ya karɓa. A 2022 gungun masu kutse na Lapsus$ ya mayar da dabarar sana'a, har suna alfahari da cewa tsakar dare ne lokacin da ya fi, saboda mai barci zai danna komai don a ƙyale shi. A watan Mayu na shekarar aka shiga tsarin kamfanin fasaha na Cisco ta irin wannan hanya: an sace kalmomin sirrin wani ma'aikaci da burauzarsa ta adana a asusunsa na Google, aka haɗa masa da kiran waya na yaudara da tambayoyin amincewa har ya karɓi ɗaya.

Abin da ya fi damuna a duk waɗannan labarai shi ne yadda aka ɗora wa mutum ɗaya, a gajiye, nauyin da ya kamata tsarin ya ɗauka. Mai kutse zai iya faɗuwa sau hamsin bai rasa komai ba. Mai asusu kuwa sau ɗaya zai kuskure.

Gyaran da aka kawo shi ne daidaita lamba. Idan aka shigar da kalmar sirri, allon da ake shiga ta kansa zai nuna lamba, a ce 47. Wayar kuma ba za ta ƙara ba da maɓallin amincewa kawai ba, sai ta buɗe gurbi ta ce a rubuta lambar da ke kan wancan allon. In mai asusun ne ke shiga, ga 47 a gabansa, zai rubuta cikin daƙiƙa biyu. In kuwa ɓarawo ne, lambar tana kan allonsa shi, mai wayar ba ya ganinta. Ko ya gaji, ko barci ne a idonsa, ba shi da abin rubutawa. Turo tambayar sau ɗari ba ya ƙara wa ɓarawon komai.

Ba duka nau'o'in ne ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai wanda wayar ke nuno lambobi uku a zaɓi ɗaya, kamar yadda Okta Verify ke yi. Nan wanda ya danna da ka yana da damar dacewa ɗaya cikin uku, kuma mai kutsen da ke da haƙuri zai iya cin wannan caca. Rubuta lambobi biyu da hannu ya rage damar zuwa kusan ɗaya cikin ɗari. Duo ma ya ba masu kula da tsari damar sa yawan lambobin da za a rubuta ya kai daga uku zuwa shida.

A ƙarshen Oktoban 2022 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta shawarci ƙungiyoyin da ba su iya komawa ga hanyoyin da suka fi ƙarfi ba tukuna da su kunna daidaita lamba. Microsoft ya tilasta shi ga masu amfani da Authenticator daga 8 ga Mayun 2023, bayan ya ɗage daga watan Fabrairu. Manhajar kan iya nuna sunan abin da ake son shiga da kuma wurin da buƙatar ta fito, in masu kula da tsarin sun kunna hakan.

Sai dai CISA ta kira daidaita lamba matakin wucin gadi, kuma tana da hujja. Daidaita lamba yana maganin gajiya da kuskure, ba ya maganin yaudara. Mai kutse zai iya kiran mutum ya ce daga sashen kwamfuta yake, ya karanta masa 47 ɗin da bakinsa. Mafi muni shi ne shafin bogi da ke tsayawa a tsakiya: mutum ya shigar da kalmar sirrinsa a can, shafin ya miƙa ta ga shafin gaskiya nan take, ya karɓo lambar ya nuna masa, shi kuma ya rubuta a wayarsa da zuciya ɗaya. Komai ya daidaita, amma ɓarawon ne ya tafi da izinin zaman da aka buɗe, wato damar ci gaba da amfani da asusun. Maganin wannan sai makullan tsaro na FIDO2 da dangoginsu, waɗanda ke ɗaure da ainihin adireshin shafin, ba sa amsa wa na bogi ko da mai su ya ruɗu.

Akwai abu guda da daidaita lamba bai canza ba, wanda mutane kan manta. A tsarin da ke fara neman kalmar sirri, tambayar ba ta isowa waya sai an riga an shigar da kalmar daidai. Saboda haka tambayar da ta zo ba tare da mutum ya nemi shiga ba shaida ce cewa kalmar sirrinsa tana hannun wani. Ƙin amincewa bai gama aikin ba. Sai ya canza kalmar nan take, ta hanyar buɗe shafin da kansa, ya kuma sanar da masu kula da tsarin. Su kuma a rajistar shiga za su ga alamar ƙarara: buƙatu da yawa a kan asusu ɗaya cikin 'yan mintuna, an ƙi su ko sun ƙare ba amsa, sau da yawa daga adireshin intanet da ba a saba gani ba. In jerin ƙin ya ƙare da amincewa ɗaya, wannan zaman ne za a fara rufewa, sannan a duba ko an yi wa asusun rajistar wata sabuwar waya, kamar yadda masu kutsen Cisco suka yi da zarar sun samu shiga.