Jan zare a saƙa mai launi biyu

Saƙa mai launi biyu ita ce wadda ake riƙe zaren ulu kala biyu a layi ɗaya. Ana saƙa ido, wato ɗan madaukin zaren da ke kan kibiyar saƙa, da zare ɗaya, ɗayan kuma yana bi ta baya a miƙe har a sake buƙatarsa. Wannan guntun da ke ratsawa shi ne zaren baya, kuma tsawonsa ne ke sa saƙar ta kwanta luf ko ta tattare.

Salon da ya fi suna shi ne na Fair Isle, wani ƙaramin tsibiri a yankin Shetland na Sikotland. Ana kyautata zaton ya kafu ne a cikin ƙarni na 19, amma an yi saɓani kan inda adon nasa ya samo asali. Ya bazu sosai a shekarun 1920, bayan an ga Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na 8, sanye da irin wannan suwaita. Masaƙan tsibirin ba sa wuce launi biyu a layi, suna saƙa a zagaye, kuma adonsu na sauya launi akai-akai. Wannan dabara ce mai kyau, domin zaren baya ba ya yin tsawo.

Dalilin tattarewa shi ne ido lanƙwasasshe ne, yana buɗewa idan an ja shi, zaren baya kuwa miƙaƙƙe ne, ba shi da rarar da zai bayar. Idan ya gaza faɗin idanun da ya tsallake, sai ya tsuke su wuri guda, gaban saƙar ya yi tudu-tudu.

A ɗauki hula mai ido 140, ido 28 a kowace santimita 10, wato zagayenta santimita 50. Idan adon ido 5 baƙi ne, ido 5 fari, kowane layi na da zaren baya 28, kowanne kusan santimita 1.8. In kowanne ya ragu da milimita 3 kacal, an yi asarar santimita 8.4. Hular ta koma kusan 42, ta ƙi shiga kai.

Ana gane matsalar tun saƙar na kan kibiya: a miƙe ta da yatsu a duba bayanta, in zaren ya ɗame kamar tsirkiya tun idanun ba su buɗe ba, ya yi gajarta. Maganinta shi ne a baje idanun da ke kan kibiyar dama kafin a ɗauko sabon launi. Wasu kan juya saƙar baibai, don zaren ya bi ta wajen zagaye inda hanya ta fi tsawo, wasu kuma su ƙara girman kibiya. Idan tsallaken ya haura ido 5 zuwa 7, akan sarƙe zaren a tsakiya. Sakin zare fiye da kima shi ma aibi ne, yana kama yatsa.

Jiƙa ulu da shanya shi a miƙe na gyara ɗan yamutsi, amma zaren da ya gajarta sosai sai an warware layin an sake.