Lissafin girman jerin kafasita da riyaktar kauce wa hamonik

Jerin kafasita akwati ne na kafasitoci da ake haɗawa a babban allon rarraba wutar masana'anta ko babban gini domin gyara fawa fakto, wato kason da ke yin aiki a cikin wutar da ake ja, wanda ake rubutawa cos φ idan wutar Hz 50 kaɗai ake dubawa. Moto da taransifoma suna jan wuta iri biyu. Akwai mai yin aiki, da ake aunawa da kW, akwai kuma wadda take kai-komo tsakanin na'ura da layi don gina maganaɗisu, ana auna ta da kvar. Ta biyun ba ta juya komai, amma tana cika waya da taransifoma. Kafasita ita ke samar da wannan kvar a kusa da inda ake buƙatarsa, sai layin ya huta. A wurin da ke da inbata, wato na'urar sarrafa gudun moto, da sauran na'urori masu gurɓata zubin wuta, ana jera wa kowace kafasita riyakta, wato naɗin waya a kan ƙarfe, kuma wannan ƙari yana sauya lissafin gaba ɗaya.

Nawa ake buƙata

Ana farawa da awo a babban allo, lokacin da aiki ya kankama, na tsawon mako guda idan da hali. Haɗa lambobin da ke jikin motoci yana yaudara, domin moton da ba ya ɗauke da cikakken kaya cos φ ɗinsa yana faɗuwa ƙasa da abin da aka buga a jikinsa. Idan an sami kW da cos φ na yanzu, aka kuma tsayar da wanda ake son kaiwa, ƙa'idar ita ce wannan, inda Qc shi ne kvar da ake buƙata, P shi ne kW, φ1 na yanzu, φ2 kuma wanda ake so:

```
Qc = P × (tan φ1 − tan φ2)
```

A ɗauki masana'antar sarrafa roba mai jan kW 400 a kan bolt 400 da Hz 50, cos φ ɗinta 0.75, ana son ya kai 0.95. Tan φ1 zai zama 0.882, tan φ2 kuma 0.329. Bambancinsu 0.553 ne, idan aka ninka da 400 a sami kvar 221, sai a ɗaga zuwa 225. Da wannan gyara nauyin da ke kan taransifoma zai sauko daga kVA 533 zuwa 421, amfiya kuma daga kusan 770 zuwa 608, ba tare da an kashe ko da inji ɗaya ba.

Ba kasafai ake neman kaiwa 1 cif ba. A wannan masana'anta ɗaga cos φ daga 0.95 zuwa 1 zai ci ƙarin kvar 132, ribarsa kuma kVA 21 kacal. Ga shi kuma da kaya ya ragu sai kafasita ta yi yawa, bolt ya hau. Shi ya sa ake raba jerin zuwa matakai, a nan ɗaya mai kvar 25 da huɗu masu 50, sai na'urar sarrafawa ta riƙa shigar da su tana fitarwa gwargwadon aikin da ake yi.

Inda hamonik ke ɓata lissafi

Inbatar sarrafa gudun moto, da na'urar ajiyar wuta ta ofis, da injin walda na zamani, ba sa jan wuta a zubi mai santsi. Suna jan ta a yanke-yanke, kuma wannan yana haifar da wasu igiyoyi masu gudun da ya ninka Hz 50. Su ne hamonik. Inbata mai layi uku da diyod shida ta fi fitar da na 5 da na 7 da na 11 da na 13, wato Hz 250, 350, 550 da 650. Kayan layi ɗaya irin su kwamfuta da fitilun zamani sun fi fitar da na 3, Hz 150.

Kafasita ba ta haifar da hamonik, amma tana iya zuzuta wanda ta tarar. Turjiyarta tana raguwa idan gudun igiya ya ƙaru, ta taransifoma kuma ƙaruwa take yi. Akwai wani gudu da turjiyar biyu ke zuwa daidai, a nan ne wuta ke kai-komo tsakaninsu tana haɓaka, kamar lilo da ake turawa daidai lokacin da ya dawo. Wannan shi ne rezonans, kuma ana kintata inda zai faɗa da:

```
h = √(Ssc / Qc)
```

A nan h ita ce lambar hamonik da rezonans zai faɗa a kai, Qc kuma kvar ɗin da ke kunne. Ssc shi ne ƙarfin gajeren haɗi a allon, wanda ake kintatawa ta raba kVA na taransifoma da kason turjiyarta. Idan masana'antar tana da taransifoma mai kVA 800 da turjiya kashi 6 cikin ɗari, Ssc zai kai kimanin kVA 13,300. Da duka kvar 225 a kunne, h ya zama 7.7, kuma idan aka saka turjiyar layin da ke bayan taransifoma zai ƙara matsowa kusa da 7. Da kvar 100 kaɗai a kunne, h ya zama 11.5. Abin da mutane ke yawan mantawa ke nan: jeri mai matakai ba shi da wurin rezonans guda, duk matakin da ya shiga ko ya fita yana matsar da shi, don haka kowane haɗi sai an duba shi.

A Najeriya da Nijar, inda masana'anta kan koma janareta idan wutar layi ta ɗauke, akwai ƙarin abin dubawa. Janareta mai kVA 600 da turjiyar da ta kai kashi 15 cikin ɗari Ssc ɗinsa kusan 4,000 ne kawai, sai kvar 150 ya ajiye rezonans a 5.2, dab da hamonik mafi ƙarfi. Janareta kuma ba ya jure kafasita mai yawa, na'urar daidaita bolt ɗinsa takan rikice. Saboda haka da yawa suna haɗa jerin yadda zai fita da kansa da zarar an juya zuwa janareta.

Alamun rezonans ba sa ɓoyuwa ga mai lura: fis ɗin kafasita yana yawan ƙonewa ba gaira ba dalili, gwangwaninta yana kumbura, taransifoma tana gurnani tana zafi. Gwaji mafi sauƙi shi ne a auna gurɓatar bolt, abin da na'urar awo ke nunawa da THDv, jerin yana kashe, sannan a sake aunawa ana shigar da matakai ɗaya bayan ɗaya. Idan lambar ta yi tsalle a wani mataki, an gano wurin. Masu ƙera kayan sukan ba da ƙa'idar kintace cewa idan kayan da ke fitar da hamonik ba su kai kashi 15 cikin ɗari na ƙarfin taransifoma ba kafasita zalla na iya wadatarwa, idan sun haura kusan kashi 25 kuwa sai da riyakta. Kintace ne kawai, awo ya fi shi.

Zaɓen riyakta

Ana bayyana girman riyakta da p, wato kason turjiyarta a kan ta kafasita a Hz 50. Su biyun a jere suna da nasu gudun rezonans, wanda ake rubutawa fr:

```
fr = 50 / √p
```

Riyakta mai kashi 7 tana ba da Hz 189, mai 5.67 tana ba da 210, mai 14 kuma 134. Ƙasa da wannan gudu reshen yana aikin kafasita, shi ya sa yake gyara cos φ a Hz 50. Sama da shi kuwa halin riyakta ne ke rinjaye, don haka ba zai iya yin rezonans da taransifoma ba. Dabarar ita ce a ajiye fr ƙasa da hamonik mafi ƙanƙanta da ke da ƙarfi a wurin. Inda inbata mai layi uku ta fi yawa, kashi 7 shi ne zaɓin da aka saba. Mai 5.67 ya fi kusa da Hz 250, yana tsotse hamonik na 5 da yawa, amma yana ɗaukar zafi daidai da abin da ya tsotsa. Inda na 3 yake da ƙarfi, kashi 7 bai dace ba, tunda Hz 150 yana ƙasa da 189 kuma ana iya zuzuta shi, sai a koma kashi 14.

Riyakta tana ɗaga bolt ɗin da ke kan kafasita zuwa U / (1 − p), inda U shi ne bolt ɗin layi. A layin bolt 400, kashi 7 yana kai shi 430, kashi 14 kuma 465, tun kafin a ƙara na hamonik da hawan layi. Ma'aunin IEC 60831 ya yarda kafasita ta ɗauki ƙarin bolt na kashi 10 cikin ɗari na awa 8 a cikin 24 kawai, da amfiyar da ta kai 1.3 na wadda aka ƙayyade mata. Don haka kafasitar bolt 400 ba ta zama a bayan riyakta. Ana sayen ta 440 ko 480 ga kashi 7, ta 525 ga kashi 14.

A nan ne aka fi yin kuskure wajen saye. Kvar da ke rubuce a jikin kafasita na bolt ɗin da ke rubuce ne, a ƙasa da shi tana ba da ƙasa da haka. Idan Qn da Un su ne kvar da bolt ɗin da ke rubuce, abin da za ta bayar, Qeff, shi ne:

```
Qeff = Qn × (U / Un)² / (1 − p)
```

Ga kafasitar bolt 480 a layin 400 da riyakta mai kashi 7, lissafin yana ba da 0.747. Matakin da ake son ya ba da kvar 50 yana buƙatar kafasita mai rubutun kvar 67, jerin duka kuma kusan 300. Wanda ya sayi mai rubutun 225 a bolt 480 zai sami kvar 168 ne kawai, cos φ ya tsaya a wajen 0.91. Yana da kyau duk mai karɓar farashi ya tambayi a wane bolt aka faɗi kvar ɗin. Riyaktar matakin kvar 50 kuwa tana fitowa kusan mH 0.77 a kowane layi, tana ɗauke da amfiya 72 ban da na hamonik, kuma dole ƙarfenta ya jure fiye da haka ba tare da ya ƙoshi da maganaɗisu ba, domin idan ya ƙoshi girmanta yana faɗuwa, fr ya hau.

Tsufa da zafi

Kafasita da riyaktarta abokan juna ne, ba a canza ɗaya a bar ɗaya da wani girma dabam, kuma ba a cakuɗa matakai masu riyakta da marasa ita a allo guda. Kafasitar zamani tana gyara kanta idan ta huje a ciki, amma kowane gyara yana rage mata girma. Idan ta rasa kashi 20 cikin ɗari, Hz 189 zai koma 211, idan ta rasa kimanin kashi 43 zai hau kan 250 daidai, matakin ya shiga zuƙar hamonik na 5 har ya ƙone. Ana gane wannan ta auna amfiyar layuka uku na kowane mataki lokaci zuwa lokaci: raguwa ko rashin daidaito tsakaninsu yana nuna kafasita ta fara tafiya. Kafin a taɓa ta sai an kashe an jira, ma'aunin IEC 60831 ya ba ta minti 3 ta sauko zuwa bolt 75, sannan a tabbatar da na'urar awo.

Zafi ne ke gaggauta tsufan. Kafasita mai ajin D an yi ta don iskar da ba ta wuce digiri 55 ba, da matsakaicin 45 a yini da 35 a shekara. A Kano ko Maraɗi, inda zafin Afrilu kan haura 40 a inuwa, tazarar kaɗan ce, ga riyakta kuma tana fitar da nata zafin a cikin akwati. Shi ya sa ake ajiye riyaktoci a sama ko a ɓangare dabam, kafasitoci a ƙasa inda iska mai sanyi ke shiga, a sa fanka, a kuma riƙa share matatar iska musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta.

Jeri mai riyakta yana da iyakarsa. Yana gyara cos φ, yana hana zuzuta hamonik, amma kaɗan yake ragewa daga cikinsa. A wurin da kusan duk kayan inbata ne, cos φ yakan kasance sama da 0.95 tun asali, ƙarancin fawa fakton da mita ke nunawa kuma daga hamonik yake fitowa, wanda cos φ ba ya lissafawa. Ƙara kafasita a irin wannan wuri ba ya magance komai, abin da ake buƙata shi ne riyaktar layi a gaban kowace inbata ko matatar hamonik.