Awon hawan jini kyauta: yadda za ka zo, da abin da za mu faɗa maka

'Yan uwa mazauna Agege, Mile 12, Idi-Araba da sauran unguwannin Legas, asibitinmu yana auna hawan jini kyauta ga duk wanda ya kai shekara 18, namiji ko mace. Ba a ɗibar jini, ba a yin allura, kuma awon kansa bai wuce minti biyu ba. Kyautar ta ƙunshi awo da bayanin sakamako. Idan likita ya ga akwai buƙatar magani ko wani gwaji, za a faɗa maka kuɗinsa tun kafin a yi komai.

Mun fi damuwa da wanda yake jin lafiyarsa ƙalau, domin mafi yawan masu hawan jini ba sa jin ciwon kai ko jiri, alhali cutar tana nan tana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, har ranar da za a wayi gari ɓarin jiki ya shanye.

Na'urar tana nuna lamba biyu. Ta sama ita ce ƙarfin da jini yake danna jijiya da shi lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tsakanin bugu da bugu. Wanda nasa yake wajen 120 bisa 80 ko ƙasa da haka kaɗan, lafiya lau. Idan ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, kuma aka sake samun haka a wata rana daban, a nan ne ake cewa mutum yana da hawan jini. Awon rana ɗaya ba ya yanke hukunci.

Yadda mutum ya iso yana canja lambar ƙwarai, kuma a garin nan kusan kowa a gajiye yake isowa. A ɗauki magidancin da ya taso daga kasuwa da tsakar rana, ya daɗe cikin cunkoson motoci a danfo, ya sauka ya taka da sauri, ga goro a bakinsa. Idan aka ɗaura masa na'ura nan take, tana iya nuna 154 bisa 96, hankalinsa ya tashi. Idan ya dawo washegari da safe bai ci goro ba, ya zauna ya huta, aka samu 132 bisa 84, to ba shi cikin masu hawan jini, ko da yake ya kusa iyaka kuma za mu nemi ya riƙa dawowa. Idan kuwa aka sake samun 150 bisa 95, gajiya ba ta da laifi, sai ganin likita.

Saboda haka muke roƙon ka bar goro, sigari, kofi da lemon ƙara kuzari na rabin awa kafin ka zo, kuma ka yi fitsari idan kana ji. Za mu zaunar da kai minti biyar, ka jingina bayanka, tafin ƙafarka duka a ƙasa ba tare da ka harɗe su ba, hannunka a kan tebur daidai da ƙirji. Ka sa riga mai sakakken hannu, domin a kan fatar dantse ake ɗaura maɗaurin. Za ka ji ya matse ka na ɗan lokaci sannan ya saki, kuma kada ka yi magana ko amsa waya har a gama. Mai kaurin dantse ya nemi babban maɗauri, saboda ƙarami yana ƙara lambar fiye da gaskiyarta. Mata za su iya neman mace ta auna su.

Ka taho da duk maganin da kake sha, har da na gargajiya da na ciwon jiki da ake saya a kemis, domin wasu magungunan kashe raɗaɗin gaɓoɓi suna ɗaga jini. Wanda ya riga ya fara shan maganin hawan jini ya sha kamar kullum, kuma idan lambar ta yi kyau kada ya daina, maganin ne ya saukar da ita.

Za mu rubuta maka sakamakon da kwanan wata a takarda, ka adana ta ka zo da ita duk zuwa.

Wanda lambarsa ta kai 180 bisa 120, ko yake fama da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu ɗaya, kada ya jira layi ko ya bari sai gobe, a kai shi sashen gaggawa ko a kira 112 ko 767. Haka ma mai ciki da take ciwon kai mai tsanani, ganinta yana dishi-dishi, ko fuskarta ta kumbura, ta sanar da mu da zarar ta shigo domin a fara duba ta.