Tanadin kuɗin makarantar yaro: ƙa'idar ajiyar wa'adi a banki da ta zinare

Kuɗin makaranta yana da ranar biya da ba ta jira, don haka mai tanadi ya fara tambayar abin da ƙa'ida ta ba shi damar karɓa a wannan rana, kafin ya tambayi wanne ya fi riba.

Ajiyar ƙayyadadden wa'adi yarjejeniya ce: mai ajiya ya yarda ba zai taɓa kuɗinsa ba har wa'adi ya cika, banki kuma ya ɗauki alkawarin mayar da uwar kuɗin tare da kuɗin ruwan da aka rubuta. Ga misali na lissafi kawai. Uba ya ajiye 1,000,000 na wata 12 a kan kashi 10 cikin ɗari, yana sa ran ƙarin 100,000. Idan makaranta ta nemi kuɗi a wata na 9, abin da ya taru 75,000 ne, kuma idan takardar da ya sa wa hannu ta ce wanda ya karya wa'adi zai rasa rabin abin da ya taru, 37,500 kaɗai zai samu. Girman wannan tara ya bambanta daga banki zuwa banki, a takardar yarjejeniya ake ganinsa.

Sharaɗin da ya fi kama iyaye, a ganina, shi ne na sabuntawa. A yarjejeniyoyi da yawa, idan wa'adi ya cika mai ajiya bai ba da umarni ba, banki zai sake ɗaure kuɗin na wani wa'adin, a kan ruwan da yake bayarwa a ranar, ko da ya gaza na farko. Uban da ajiyarsa ta cika mako biyu kafin a koma makaranta, ya kuma yi shiru, zai tarar cewa cire kuɗin ya zama karya sabon wa'adi. Maganinsa shi ne a zaɓi wa'adin da zai cika gabanin ranar biya, a kuma bar umarni a rubuce cewa a zuba kuɗin a asusun yau da kullum. Wanda yake guje wa ruwa ya zaɓi ajiyar mudaraba ya sani cewa kason rabon riba ake yankewa a can, ba a lamunce masa wani adadi.

Sai sunan da ke kan asusun. A yawancin dokoki yaron da bai kai shekara 18 ba ba ya ƙulla irin wannan yarjejeniya da kansa, waliyyinsa ne yake sa hannu, amma kuɗin da aka sa da sunan yaro galibi ana ɗaukarsa mallakinsa, kuma iko da shi yana komawa hannunsa idan ya kai shekarun. Idan banki ya durƙushe, inshorar ajiya tana biyan kowane mai ajiya zuwa wani iyaka a kowane banki, kamar dala 250,000 a Amurka ko Yuro 100,000 a Tarayyar Turai. Wannan kariya ba ta shafi zinaren da aka kulle a akwatin ajiyar banki ba.

Zinare ba shi da wa'adi, ba shi da tara, amma babu wanda ya yi wa mai shi alkawarin farashi. Abin da ake biya a ranar sayarwa ya rataya a kan nauyi da tsantsa: sarƙa mai karat 22 kashi 91.6 cikin ɗari ne zinarenta, wato giram 10 na ɗauke da giram 9.16, kuma kuɗin ƙirar da aka biya ranar saye ba ya dawowa. Idan dillali yana saye a ƙasa da farashin da yake sayarwa da kashi 6, sai zinare ya tashi da kusan kashi 6.4 kafin mai shi ya mayar da kuɗinsa. Rasit mai nuna nauyi da karat shi ne hujjarsa idan gardama ta taso.

Kowannensu yana da inda yake gazawa. Idan kuɗin makaranta na 1,000,000 ya tashi da kashi 15 alhali ajiya ta ba da 10, uban da ke misalinmu zai nemi cikon 50,000. Zinare kuwa ya sauko daga kusan dala 1,900 kowane oza a Satumbar 2011 zuwa kusan 1,050 a Disambar 2015. Saboda haka kuɗin da za a biya nan da shekara ɗaya ko biyu ya fi dacewa da ajiyar wa'adi. Zinaren da aka saya domin jami'ar yaron da yanzu yake firamare kuma a riƙa sayar da shi kaɗan-kaɗan tun saura shekara biyu, ana zuba kuɗin a ajiyar da za ta cika kafin ranar rajista.